Shawarar Lauya: Farashi ya ninka sau goma, amma kwangilata ta zama banza

Tambaya: Barista, salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Ta wata manhaja na sayi kwangilar zaɓin saye guda 20 a kan hannun jarin wani ƙaramin kamfanin Amurka, kowace a kan dala 30, jimla dala 600. Kowace kwangila ta ba ni ikon sayen hannun jari 100 a kan dala 5, lokacin farashinsa dala 2.10 ne. Kwatsam na wayi gari na ga ya kai dala 21. Na lissafa ribata, dala 32,000. Manhajar tana nuna hannun jari 100 kamar da, ma'aikacinsu ma ya rubuto mini cewa babu abin da ya sauya, sai na ƙara sayen guda 10 a kan dala 200. Yanzu sun ce kwangilolin kusan ba su da wata daraja. Ina so in maka su kotu su biya ni ribata. Kuma ina da wasu kwangilolin a wani kamfani da ake raɗe-raɗin za a saye shi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban ga takardunka ba, saboda haka duk abin da zan faɗa a kan labarin da ka ba ni na gina shi, kuma yana iya sauyawa idan na karanta yarjejeniyar da ka amince da ita ranar buɗe asusu. Amma gara in fara da mai ɗaci. A iya fahimtata, dala 32,000 ɗin nan ba a ƙwace maka ita ba, domin ba ta taɓa zama taka ba ko da na minti ɗaya.

Farashin da ya tashi daga dala 2.10 zuwa 21 cif a dare guda, ba tare da wani labari ba, kusan kullum alama ce ta cewa kamfani ya dunƙule hannayen jarinsa, kowane goma ya koma ɗaya. Kamfanonin da farashinsu ya yi ƙasa sosai sukan yi haka don kada a cire su daga kasuwa. Babu arzikin da ya ƙaru. Wanda ya ba da takardun naira ɗari guda goma ya karɓi 'yar dubu ɗaya, aljihunsa bai yi nauyi ba.

Irin kwangilar da ka saya tana ƙarƙashin OCC ne, wata cibiya da ke Chicago wadda ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa a kwangilolin zaɓi na kasuwannin Amurka. Ita ke yanke yadda za a gyara kwangila idan kamfani ya taɓa hannayen jarinsa, kuma manufarta ita ce a bar kowane ɓangare kusan inda yake kafin sauyin. Dillalinka, wato kamfanin manhajar, bai da ta cewa a wannan, aiwatarwa kawai yake yi. A dunƙulewa irin wannan, abin da aka saba shi ne a bar farashin yarjejeniya, wato dala 5 ɗin nan, yadda yake, a bar yawan kwangiloli, a rage kayan da za a miƙa maka.

Mu zauna da lissafin, domin nan ne mutane ke zamewa. Kafin sauyin, idan ka yi amfani da haƙƙinka za ka biya dala 5 sau 100, wato dala 500, ka karɓi hannun jari 100. Bayan sauyin, dala 500 ɗin dai za ka biya, amma sabbin hannayen jari 10 za a ba ka, tunda su ne tsofaffin 100 ɗin. Goma a kan dala 21 dala 210 ke nan. Ka ga har yanzu kana nesa kamar yadda kake a da. Sai farashi ya wuce dala 50 kafin kwangilar ta fara amfani, sai ya kai 53 kafin ka mayar da dala 30 da ka biya a kowace.

Don Allah ka saurare ni a nan: kada ka danna maɓallin amfani da haƙƙin saye don huce haushi ko don ka "tilasta musu" su ba ka hannayen jarin. A kan guda 20 na farko kaɗai za a cire maka dala 10,000, a ba ka hannun jari 200 da kuɗinsu bai wuce dala 4,200 ba. Asarar dala 600 ta koma ta kusan 6,400, kuma wannan da hannunka ka yi, ba wanda zai ɗauke maka. Na taɓa zama da wani a ofishina da ya yi haka. Ya miƙo mini wayarsa hannunsa na rawa, yana ta gogen fuskarta da gefen babbar rigarsa kamar lambobin za su sauya.

Yadda ake ganewa abu ne mai sauƙi. Kwangilar da aka gyara kayanta takan samu lamba a ƙarshen alamarta, misali `XYZ` ta koma `XYZ1`. Ka duba naka. Sannan ka shiga shafin OCC ka nemi sanarwar da suka fitar a kan kamfanin, kyauta ce, ka karanta layin da aka rubuta `Deliverable`. Abin da ke wannan layin shi ne haƙƙinka.

Rabawa kuwa, wadda ita ce kishiyar dunƙulewa, ba ta cika rikita mutane ba. Da Nvidia ya raba kowane hannun jari gida goma a watan Yunin 2024, mai kwangila ɗaya a kan dala 1,000 ya wayi gari da kwangiloli goma a kan dala 100 kowace. Sai dai idan rabon bai tafi daidai ba, kamar uku a madadin biyu, nan ma akan taɓa yawan kayan a sa wa alamar lamba.

To ina da abin faɗa a kan guda 10 na baya, kuma a nan ne nake ganin kana da 'yar madafa, ko da yake ba zan yi maka alkawari ba. Idan da gaske manhajar ta ci gaba da nuna hannun jari 100 bayan gyaran ya fara aiki, kuma ma'aikacinsu ya rubuta da hannunsa cewa babu abin da ya sauya, kuma saboda wannan maganar ka sayi ƙari, to ana iya cewa sun ba ka bayanin da ba daidai ba cikin sakaci. Gaskiya abin ya ba ni haushi. Kamfanin da ke karɓar la'ada a kan irin wannan ciniki bai kamata ya ajiye ma'aikacin da bai san dunƙulewar hannun jari ba, wasu dillalan ma rufe ƙofar sabon saye suke yi a kan kwangilar da aka gyara, su bar ta sayarwa kawai. Amma ka lura da abin da doka kan mayar a irin wannan hali: asarar da ka yi saboda ka dogara da maganarsu, wato dala 200 da la'adarta, a cire abin da kwangilolin za su iya kawowa yanzu. Ba ta biyan ribar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Kuma za su kare kansu da cewa an ba ka littafin gargaɗi na OCC, Characteristics and Risks of Standardized Options, wanda ake miƙa wa kowa kafin a buɗe masa wannan ciniki, kuma bayanin gyaran kwangila na ciki. Mai yiwuwa ka danna cewa ka karanta.

Game da kamfanin da ake cewa za a saye, ka yi hattara sosai, domin wannan ya fi dunƙulewa cutar da mai riƙe da zaɓin saye. Idan da tsabar kuɗi aka saye shi, kwangilarka takan koma haƙƙin karɓar wannan kuɗin, ba ƙari ba ragi, kuma akan matso da ranar ƙarewarta kusa. Da aka sayi Twitter a watan Oktoban 2022 a kan dala 54.20, kowace kwangila ta koma dala 5,420. Mai zaɓin saye a kan dala 50 ya tashi da dala 420. Mai na dala 60 bai samu ko sisi ba, ko da wa'adinsa na da sauran shekara guda, domin babu sauran farashin da zai tashi. Ba wanda ya biya shi diyyar lokacin da ya ɓace. Idan kuma musayar hannun jari aka yi, kayan kwangilar sukan koma na sabon kamfanin gwargwadon yadda aka daidaita, ɓarin da bai cika ɗaya ba a biya shi da kuɗi. Don haka ka kwatanta farashin yarjejeniyarka da farashin tayin, da zarar an bayyana shi.

Rabon riba kuma ba ya zuwa aljihun mai kwangilar zaɓi, na masu hannun jari ne. Na yau da kullum ba a gyara komai saboda shi. Na musamman, idan ya kai dala 12.50 a kowace kwangila, galibi akan rage farashin yarjejeniya da adadin da kowane hannun jari ya samu, kamar yadda aka yi da kamfanin Costco ya sanar da dala 15 a kowane hannun jari a ƙarshen 2023, inda farashin yarjejeniya na dala 600 ya koma 585.

Maganar kotu, ban ba ka shawara ba. Da farko ka duba wa ka ƙulla yarjejeniya da shi. Idan dillalin Amurka ne kai tsaye, da wuya ka rasa sharaɗin cewa rikici sai gaban masu sasanci na FINRA, cibiyar da ke sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka, ba kotun Legas ba. Idan kamfanin nan gida ne mai rajista da hukumar SEC ta Najeriya mai kula da kasuwar hannun jari, akwai tsarin kai ƙorafi da ke farawa daga kamfanin kansa, ya wuce hukumar, sannan kotun musamman ta harkokin zuba jari. Idan kuwa ba shi da rajista a ko'ina, wannan wata matsala ce da ta fi dala 200 girma, kuma sai ka fara tunanin kwashe sauran kuɗinka. Ko ta wace hanya, kuɗin lauya na zama biyu zai cinye abin da kake nema.

Abin da zan yi da ni ne, in adana hoton fuskar manhajar mai ɗauke da kwanan wata, da saƙon ma'aikacin nan, da takardar shaidar sayen guda 10, da sanarwar OCC. Sai in rubuta musu takarda mai shafi ɗaya cikin ladabi, in jera ranakun, in nemi a mayar mini da dala 200 da la'ada cikin kwana 14. Kada ka saka dala 32,000 a ciki, zai sa su ɗauki takardar da wasa. Kamfanoni sukan gwammace su biya irin wannan ɗan kuɗi a kan ƙorafi ya kai hukuma. Idan suka yi kunnen uwar shegu kuma suna da ofis a nan, cibiyar sulhu ta babbar kotun Legas, wato Lagos Multi-Door Courthouse, ta fi ƙara sauƙi da arha, muddin yarjejeniyarku ba ta ɗaure ku da wata hanya ba.

Kwangiloli 30 da ke hannunka kuwa, ka duba ko akwai mai taya su. Waɗanda aka gyara ba su cika samun masu saye ba, tazarar tayi da sallama takan yi faɗi, don haka idan za ka sayar ka sa farashinka da kanka, kada ka bar wa kasuwa ta yanke maka. Sayarwa ko riƙewa shawararka ce, amma ka kawo mini yarjejeniyar asusun in karanta kafin ka aika takardar.