Saƙon jimla uku ga jami'in ɗaukar ma'aikata

"Shekara shida ina koyar da lissafi, yanzu ina son komawa aikin nazarin bayanai. Me zan rubuta wa jami'in ɗaukar ma'aikata a jimla uku?"

Malam, jimlar tsakiya ce za ta ɗauki nauyin saƙon, domin a nan ne za ka nuna aikin da ka riga ka yi wanda ya yi kama da nasu. Kada ka ce kana da haƙuri da himma, kowa haka yake faɗa. Ka duba sanarwar gurbin, ka ɗauki buƙata ɗaya ko biyu, ka amsa su da hujja:

"Na ga sanarwar gurbin mai nazarin bayanai, kuma ina sha'awarsa. A shekara shida da na yi ina koyar da lissafi, ni nake tattara sakamakon jarrabawar ɗalibai a Excel, in gano darussan da suke faɗuwa, in gabatar wa hukumar makaranta rahoto. Ko za ku ba ni minti goma mu tattauna a wannan makon?"

Kada ka ba da haƙuri kan rashin gogewa, kuma dalilin barin koyarwa ka ajiye shi sai ranar ganawa. Idan ka sauya sunan gurbin amma saƙon bai buƙaci wani gyara ba, to jimlar tsakiyar ba ta kama aikin ba tukuna.