"Ka Jira Takarda": Mako Biyar Shiru, Ga Wani Aiki Ya Fito

Tambaya: Malama, na yi intabiyu na akanta a wani kamfani a Kakuri, Kaduna. Manaja ya ce min, "Kai muka zaɓa, ka jira takarda." Yau mako biyar, shiru. Ga shi wata makaranta a Unguwar Dosa ta ba ni takardar ɗauka, albashi bai kai na can ba, kuma suna son amsa ranar Juma'a. Na kasa barci.

Amsa: Ɗan'uwa, aiki ɗaya gare ka a hannu, na makarantar. Maganar manaja ba ɗauka ba ce. Na gaji da faɗin wannan, wallahi. Wanda ya yi maka intabiyu sau da yawa ba shi ke sa hannu a kan kuɗin albashi ba. Yana iya son ka har zuciya, amma a sama a dakatar da gurbin, ko kuma kai ne na biyu, ana jiran na farko ya amsa.

Wata baiwar Allah ta zo ofishina da takardunta a leda. Ta ajiye aikin shekara huɗu a wani kantin magani saboda an ce mata "ki fara shiri", har ta ɗinka kayan zuwa ofis. Bayan wata biyu aka ce an ɗage ɗaukar. Me za ta nuna? Kiran waya? In babu takarda mai ɗauke da muƙami, albashi, ranar farawa da sa hannu, to ba a ɗauke ka ba. Kuma a irin wannan jiran ne 'yan damfara ke ɓullowa, su ce kawo dubu hamsin a motsa fayil. Kada ka ba kowa ko sisi.

Ga abin yi. Gobe ka roƙi makarantar ta ƙara maka mako guda. Da yawa sukan yarda. Sannan ka rubuta wa sashen ma'aikata na kamfanin, ba ta baki ba: "Ina son aikinku, amma na samu wani tayi da zan amsa ranar Juma'a. Ko zan iya samun matsayarku a rubuce kafin nan?" Kada ka ƙirƙiri tayin ƙarya, kada ka yi barazana.

Amsarsu za ta nuna maka. In sun nemi masu tsaya maka, ko gwajin asibiti, ko suka sa rana, fayil na tafiya. In kuwa "Oga ya yi tafiya" ce kawai, ka karɓi na makarantar, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kafin ka sa hannu, duba sharaɗin barin aiki. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa notis na kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, amma in takardarka ta ce wata guda, shi za ka bi. In Kakuri sun kira daga baya, ka gaya musu tun farko sai ka cika wannan wa'adin.