Bidiyon 4K yana tsinkewa a laptop

"Laptop ɗina Core i3 ce, RAM 8GB, in na sa bidiyon biki na 4K a Premiere Pro sai ya dinga tsinkewa. Sai na sayi sabuwa? Ina Jos."

Ɗan'uwa kar ka taɓa kuɗinka tukuna. 4K ɗin waya ko kyamara yawanci H.264 ne ko H.265, a matse yake sosai, sai injin ya warware shi kafin ya nuna maka, nan ne yake haki.

Ka zaɓi bidiyoyin a Project, danna dama, Proxy, Create Proxies, ka ɗauki ProRes mai ƙaramin girma kamar 1280x720, Media Encoder zai yi maka ƙananan kwafi masu sauƙi ga injin, su ne proxy. Zai ɗau lokaci fa, gara ka sa shi sanda akwai wuta, caja a jiki. In ya gama ka danna alamar + a ƙasan Program Monitor ka jawo Toggle Proxies, in ya koma shuɗi to proxy kake kallo. A nan mutane suke faɗuwa, sun yi proxy amma ba su kunna ba.

Export kuma da asalin 4K ɗin zai fita, don haka kar ka goge su ko ka cire hard disk ɗin da suke ciki.