Na daina biyan kuɗin Google One, yanzu takarduna sun ƙi gyaruwa

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina koyarwa a Birnin Kebbi. Na soke tsarin 100 GB da nake biya saboda kuɗin ya yi mini yawa. Yanzu takardar makin ɗalibaina tana buɗewa amma ba na iya rubuta komai a ciki, kuma imel ya daina shigowa. An nuna mini ina amfani da 62 GB cikin 15 GB. Kayana sun tafi ke nan?"

Wa alaikumus salam Malam. Wallahi na san wannan tashin hankalin, sannu. Kayanka suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Amma don Allah kada ka goge komai yau sai ka karanta wannan har ƙarshe, domin a wajen gogewa cikin firgici ne ake yin asarar gaske.

Kuɗin da kake biya na hayar wuri ne. Da ka soke, an bar maka 100 GB ɗin har ƙarshen watan da ka riga ka biya, shi ya sa ba ka ga canji a ranar ba. Da wa'adin ya cika sai ma'aunin ya koma 15 GB na kyauta, kayanka kuma suna nan 62 GB. Kamar mai shago ne da ya saki babban sito ya koma ƙaramin ɗaki: ba a watsar masa da kaya waje ba, amma ba a yarda ya ƙara ko buhu ɗaya ba. To, duk gyaran da ka yi a takarda, ko da maki ɗaya ne, sabon abu ne da sai an adana shi, kuma yana neman wuri. Saboda haka aka bar maka karantawa da saukewa da gogewa, aka rufe maka rubutawa da kwafa da ɗora sabon fayil. Kuma 15 GB ɗin nan tukunya ɗaya ce tsakanin Gmail da Drive da Photos, idan ɗaya ya cika ta duka ukun ne suke tsayawa.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan matsala shi ne imel ɗin, ba ma takardun ba. Takarda tana jiranka. Saƙon da aka aiko maka alhali akwatinka a cike yake kuwa, komawa yake yi ga wanda ya aiko, kuma ba ya taruwa a wani wuri ya jira ka gyara. Kai kana zaune kana cewa shiru ba a turo ba, can kuma an turo ya dawo musu, in ma na'ura ce ta turo babu wanda zai lura. Takardar kiran ganawar neman aiki, lambar sake kalmar sirri, bayanin banki, saƙon makaranta, duk haka suke wucewa ba ka sani ba. Mutum sai ya yi makonni a haka yana zargin sabis. Idan akwai wanda kake jiran saƙonsa a kwanakin nan, kira shi yau ka ba shi wani adireshin, bayan an gyara kuma ka ce ya sake turowa.

Yanzu buɗe one.google.com/storage ka ga yadda 62 ɗin ta rabu. A ce ka samu hotuna da bidiyo 41 GB, Drive 9 GB, ajiyar WhatsApp 8 GB, Gmail 4 GB. Dole ka rage fiye da 47 GB kafin ka sauka ƙasa da 15, kuma rabin aiki ba ya buɗe komai: ko ka sauko zuwa 16 GB a kulle kake. Ka ga a irin wannan lissafi ɓata lokaci ne zama kana goge imel ɗaya bayan ɗaya. Bidiyon biki da na suna su ne suka cinye wurin. Ajiyar WhatsApp kuma, a wayoyin Android, daga farkon 2024 ne aka fara lissafa ta cikin wurin kowa, shi ya sa mutane da yawa suka cika ba su san dalili ba. Kashe "Include videos" a saitin ajiyar, in ba haka ba za ta sake kumbura.

Sauke kayan tukuna. Je takeout.google.com a kwamfuta, ka cire alamar komai, ka zaɓi Google Photos kaɗai. Wajen girman fayil zaɓi 2 GB ko 4 GB, kada ka zaɓi 50 GB. Da irin sabis ɗinmu da ɗaukewar wuta, babban fayil ɗaya zai yanke a tsakiya, datarka ta tafi a banza. Kada ka zaɓi "Add to Drive", wurin da ya cika ne ai. Kada kuma ka zauna jiran imel, ka riƙa komawa shafin da kanka kana dubawa, domin haɗawar tana iya ɗaukar sa'o'i ko kwanaki, kuma mahaɗin saukewar kusan mako ɗaya yake yi ya mutu. Ka tanadi datar da ta fi 41 GB da ma'ajiyar da za ta ɗauka. Filashin 64 GB zai isa, amma ka yi hattara da na jabu masu arha, suna nuna girman da ba su da shi, sai daga baya ka tarar fayilolin ba sa buɗewa. Buɗe bidiyo da dama daga farko da tsakiya da ƙarshe ka tabbatar suna aiki kafin ka taɓa na asali.

A nan ne nake jin haushin wasu masu gyaran waya. Ka kai musu, su danna "Free up space" a Photos su ce an gama. Wannan maɓallin kwafin da ke cikin wayar yake gogewa, na intanet yana nan daram, 62 GB ɗinka ba ta motsa ba, kuma yanzu kwafi ɗaya tak ya rage maka. Wani kuma ya zaɓi hotuna duka a manhajar ya danna shara, bai san hakan yana goge na wayar da na intanet a tare ba. An karɓi kuɗinka, an kuma ƙara maka ciwon kai. Idan kana son na wayar su tsira, fara kashe "Backup" a manhajar, sannan ka yi gogewar daga photos.google.com a kwamfuta, bayan ka riga ka sauke.

Bayan gogewa, kwandon shara. A Drive da Gmail, abin da ke cikinsa ana ci gaba da lissafa shi. Sai bayan kwana 30 suke zubar da nasu da kansu, don haka shiga kowanne ka zubar da hannunka. A Gmail rubuta wannan a wurin bincike don ganin manyan saƙonni:

```
has:attachment larger:10M
```

A Drive kuma drive.google.com/drive/quota yana jera fayiloli daga babba zuwa ƙarami. Fayil ɗin da wani ya raba maka a kan mai shi ake lissafa shi, cire shi ba zai ƙara maka komai ba. Idan ka gama lambar ba ta sauka nan take ba, ba ta kwana biyu ko uku, takan yi jinkiri bayan gogewa mai yawa.

Maganar share kaya gaba ɗaya, ƙa'idar da ta fara aiki 1 ga Yuni 2021 ta ce sai asusu ya shekara 2 a saman ma'auni kafin a iya goge abin da ke ciki, kuma ana aiko da gargaɗi kafin nan. Wannan na Google ne kawai. Masu OneDrive da iCloud, da nasu na kyauta 5 GB ne, kowa ya duba tasa ƙa'idar. Af, idan ka taɓa sa maiɗakinka ko ƙaninka a tsarin iyali, duba nasu ma, duk wanda ya wuce 15 GB ɗinsa ya kulle tare da kai.

Ni dai shawarata, tunda makin ɗalibai ne kuma ba ya jira, idan da hali sake biyan wata ɗaya. Kullewar takan sake cikin yini guda, imel ya dawo, ka yi saukewar a natse, sannan ka soke bayan ka sauka ƙasa da 15. Idan babu hali yanzu, buɗe takardar makin, danna File, sai Download, sai Microsoft Excel (.xlsx), ka ci gaba da shigar da makin a kwamfutarka kafin ka gama sharar. Allah ya sawwaƙe, Malam. Turo mana hoton yadda 62 ɗin ta rabu mu ga inda za ka fara.