Katin da ya cinye mini bikin Azare

"Oga, barka da dare. Ranar Asabar ni zan ja yara biyu zuwa bikin nan na Misau tunda ka ce ba za ka samu zuwa ba. Don Allah a rubuto mini jerin kayan da zan duba kafin mu tashi, kyamara, batir, memori, fitila da caja, kada in manta wani abu."

Shekara biyu kana ɗaukar mini jaka, yau kuma kake neman in rubuta maka kyamara a takarda don kada ka manta da ita. Wanda zai bar kyamara a gida ya tafi ɗaukar biki ai gara ya koma sayar da rake a Wunti. Goge gilashi, naɗe ƙafar kyamara, saka makirfo a jaka, duk wannan ba zan ɓata yawuna a kai ba. Abin da ya sa na tashi zaune na amsa maka cikin daren nan kalma ɗaya ce da ka jefa a tsakiya kamar ba komai ba, wato memori. Ku yaran yanzu kuna ƙirga kati ne kamar goro, ɗaya, biyu, uku, sun cika, a zuge jaka. Ni ma haka na yi a wancan karon, kuma har gobe idan na tuna sai abinci ya fita raina.

Wani babban biki ne a Azare, 'yar wani attajiri, kwana biyu ana shagali. Ana jibi za mu tafi na ga katunana sun yi kaɗan, sai na shiga wani shago a nan cikin gari, wurin wani mutum da muke gaisawa, har sahu ɗaya mun sha haɗawa a masallaci. Ya ciro kati mai giga 128 a cikin kwalinsa, an manne, tambari yana ƙyalli. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da na saba saya ba. Na ce masa anya? Ya dafa ƙirji ya ce kaya ne suka zo masa da sauƙi, ni nasa ne shi ya sa. Araha ba ta ado, na sani tun ina yaro, amma ranar kwaɗayi ya rufe mini ido. Na saka a kyamara, na yi fomatin, ta nuna mini sa'o'i sun fi biyar. Na ɗauki ɗan yaron shagon na minti ɗaya, na kunna, ya fito tas. Na ce shi ke nan, na gwada.

Da safe na ɗauki isowar baƙi da ɗaurin aure. Na koma gefe na duba guntaye biyu na farko, lafiya lau. Da yamma aka yi kamu, da dare dina, washegari kai amarya. Kyamara ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, jan ɗigon nan yana ta walƙiya, lokaci yana ta tafiya. Akwai wurin da kakar amarya, tsohuwa tukuf da aka kawo daga ƙauye, ta riƙe hannun yarinyar tana mata nasiha tana kuka, ɗakin ya yi tsit. Na durƙusa a kan gwiwa kusan minti goma ina ɗauka, ina ce wa raina wannan shi ne zuciyar fim ɗin.

Muka dawo Bauchi na zuba a kwamfuta. Ga sunayen guntayen duk sun jeru, kowanne da nauyinsa. Na farko ya buɗe, na biyu ya buɗe, haka har wajen minti 40 na aiki. Daga nan duk wanda na taɓa sai baƙin allo. Na canza kwamfuta, na canza abin karanta kati, na kai wa masu dawo da abin da ya goge har mutum biyu. Na biyun ne ya gaya mini gaskiya, ya ce Malam babu abin da za a dawo da shi, don tun farko ba a rubuta shi ba. Katin giga 16 ne, aka yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara yana faɗin 128. Idan ainihin wurin ya cika, yakan ci gaba da karɓa yana rubuta suna a jeri, hoton kuwa yana zubewa a iska. Wani irin ma komawa yake ya hau kan na farko ya tattake.

Ka yi lissafin da kanka. Ina ɗauka a tsarin bidiyo na `XAVC S HD` mai `50M`, wato megabit 50 a daƙiƙa, wanda ke cin kusan giga 22 a awa guda. Giga 16 kuwa, idan aka cire ɗan abin da tsarin katin ke riƙewa, minti 40 ne da 'yan kai. Daidai inda aikina ya tsaya ke nan. Gwajin minti ɗaya da na yi a shago ba zai taɓa kama shi ba, domin bakin rijiyar na leƙa, ban zura guga ba.

Abin da na miƙa wa mutanen nan shi ne maza zaune a tabarma ana raba goro da alawa. Babu amarya ko ta daƙiƙa ɗaya, sai 'yan hotunan da yaro ya ɗauka da ƙaramar kyamara. Kawun amarya ya zo har shagona ya tsaya a bakin ƙofa, bai ma zauna ba, ya ce in dawo da kuɗin kafin alƙalami. Na mayar, na ɗora da kuɗin mota da na yara daga aljihuna. Wannan bai dame ni ba kamar yadda maganar ta zaga. Dangin nan suna da 'yan mata huɗu a layi, duk an aurar da su bayan nan, ko ɗaya ba a kira ni ba. Tsohuwar kuma ba ta ga wata damina ba. Da na koma wa mai shagon da katin, ya juya shi a hannu ya ce shi ba ya tuna ya sayar mini, wataƙila kyamarata ce ke da aljanu. Har yau idan muka haɗu shi ke fara miƙo hannu, ko kunya babu.

To ga abin da za ka yi, kuma daren gobe za ka yi shi, kada ka bari sai asubar Asabar. Duk katin da bai taɓa yin cikakken aiki a hannunmu ba, ka kwashe abin da ke ciki, ka saka a kwamfutar shago, ka buɗe manhajar gwada kati `H2testw`, ka zaɓi katin, ka danna `Write + Verify`. Zai cika katin dam sannan ya karanta abin da ya rubuta. Yakan ɗauki awa ɗaya ko fiye, ka bar shi, kada ka zauna kana latsa waya kana cewa ya daɗe. In ka ga `Test finished without errors` katin na gaske ne. In ka ga `The media is likely to be defective` ka karya shi biyu a wurin, kada ma wani ya tsinta. Kada ka tsorata idan kati mai 128 ya nuna 119 a kwamfuta, wannan bambancin ƙirga ne kawai. Bayan gwajin ka mayar da shi cikin kyamarar da zai yi aiki ka yi fomatin a can, ba a kwamfuta ba. Ka kuma duba jikinsa akwai `V30`, alamar ba zai gaza rubuta megabayit 30 a daƙiƙa ba, wanda ya ishe mu ko da an ce a ɗauka a `4K`. Amma rubutun jiki shi ma ana buga na ƙarya, shi ya sa gwajin ya zo gaba.

Ni yanzu na fi son masu giga 64 da yawa a kan babba guda. Ɗaurin aure katinsa, kamu katinsa, dina katinsa. In ɗaya ya ci amana, sauran suna nan. Wanda ya cika ka ture ɗan makullin gefensa ƙasa, ka saka a akwatin kati fuska a kife, akwatin kuma a aljihunka, kada ya kwana a jakar da kowa ke buɗewa. Babbar kyamara tana da ramin kati biyu, na saita ta tana rubutawa a duka biyun lokaci guda. Na san halinku, sai ku ga wuri na ƙarewa ku kashe saitin don a samu ninki. Ka taɓa shi, ni da kai ne.

Batir kuwa, caja ta nuna kore ba shaida ba ce. Tsohon batir yana cika da wuri ya kuma mutu da wuri. Duk na manna musu lamba. Na babbar kyamara, `NP-FZ100`, huɗu za ka ɗauka. Ƙaramar mai `NP-FW50` ci gare ta kamar gara, da ƙyar ɗaya ke kai mini awa guda ana ɗauka, don haka ka kwashi shida. Lamba 3 ka bar shi, ya fara kumburi, jiya sai da na sa farce na zaro shi. Cikakku a aljihun dama, matattu a hagu, ka gaya wa yaran su ma. Kuma kada a bar jakar a cikin mota a rufe da rana tsaka, zafin Misau ba wasa ba ne.

Fitila biyu sun isa, da baturansu manya guda huɗu. Ka kunna kowacce a shago ka ƙure haskenta minti goma, don mai mutuwa ba ta nuna hali a minti na farko. Ɗakin amarya duhu gare shi, kuma a nan ake kuka, a nan kuɗinmu yake. Saurin ɗauka ka bar shi a `25p` da `1/50`, saboda wutarmu mai bugu 50 ce. In ka ga ratsi yana yawo a allo bayan an tada janareto, injin ne ba ya tafiya daidai, ka kashe ƙwan ɗakin ka yi aiki da fitilarmu.

Caja kuma ka bi kowacce da wayarta, a hannu, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka kuskura ka soka mini caja a layin mai kiɗa, inji na shaƙewa yana tashi, caja biyu na binne ta haka. Ka tafi da namu dogon soket da fawa bank ɗin nan babba, ka yi cajin ƙananan batura da shi.

Katin Azaren yana nan a durowar teburina, cikin kwalbar man zafi. Gobe da ƙarfe 7 na dare ka same ni a shago da duk katunan da ke hannunka, har da wanda na ga ka saya ranar Talata kana ɓoyewa. Na Talatar nan za mu fara sakawa.