Buga ƙwallo a PS4 da hannu ɗaya: yadda ake sauya maɓallan fad

Tambaya: Malam, na yi hatsarin babur, hannuna na hagu ba ya riƙe komai yanzu. Ina da PS4 a gida, FIFA nake bugawa da ƙannena. Akwai yadda zan ci gaba da hannun dama kaɗai, ko in haƙura? (Wani mai karatu daga Zariya)

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Kada ka haƙura, kuma ba sai ka sayi komai ba tukuna.

Damuwar duka tana kan babban yatsa. An tsara fad ne a kan babban yatsan hagu ya juya ɗan wasa da analog, na dama kuma ya danna fasin da shot. Idan hannu ɗaya ne, yatsa guda ba zai yi aikin biyu a lokaci ɗaya ba: da ka ɗaga shi daga analog don ka ba da fasin, ɗan wasanka ya tsaya cak, an ƙwace ƙwallo. Don haka za mu bar babban yatsa a kan analog, mu mayar da dannawa zuwa maɓallan sama, inda manuniya da yatsan tsakiya suke zaune.

Ka fara da na'urar kanta. Tun 2015 PS4 ke da wannan saiti:

```
Settings > Accessibility > Button Assignments
```

Ka kunna Enable Custom Button Assignments, sannan ka shiga Customize Button Assignments. A nan za ka musanya analog ɗin hagu da na dama, ta yadda na dama zai koma tafiyar da ɗan wasa. Sai ka mayar da aikin X kan R1, aikin da'ira kuma kan R2. Mai PS5 zai sami irinsa a ƙarƙashin Accessibility, a sashen Controllers.

Wannan kaɗai bai isa ba, domin tsarin da aka saba, wato Classic, yana cin maɓallai da yawa: gudu, sauya ɗan wasa, kurosin, doguwar ƙwallo. Ka shiga Controller Settings a cikin gem ɗin ka zaɓi Two Button. A wannan tsari maɓalli ɗaya na fasin ne, ɗayan na shot, gem ɗin da kansa yake zaɓar irin fasin da ya dace da inda ka nufa. Akwai kuma One Button, wanda ke ɗora komai a kan maɓalli guda. Ni dai na fi son Two Button, domin a One Button wani lokaci kana son miƙa wa abokin wasa a bakin raga, sai ka ga an buga maka shot. Ka kuma sa Auto Switching a kan Auto, tunda L1 da ake sauya ɗan wasa da shi ya yi maka nisa.

Ga inda mutane ke rikicewa. Sauyin da ka yi a na'ura, gem bai san da shi ba. Allon zai ci gaba da nuna maka alamar X, alhali R1 ne X ɗinka yanzu, kuma haka abin yake a duk sauran gem ɗin da ka buɗe. Idan ka danna X a jerin zaɓi ka ga shafi yana tsallakawa gefe maimakon ya amince, fad bai lalace ba, aikin R1 yake yi. Kuma kada ka sauya maɓalli ɗaya sau biyu, a na'ura da kuma cikin gem, sauyin biyu za su hau kan juna ka rasa gane wanne ke yin me.

Saitin yana bin asusun mai amfani ne, don haka ka buɗe naka daban, in ba haka ba ƙannenka za su ɗauki fad su tarar da komai a juye.

Sai riƙo. Ka ɗora fad a kan cinya ko matashi, ka kashe girgiza a Settings > Devices > Controllers, domin fad ɗin da ba a riƙe da hannu biyu ba yana zamewa idan ya yi rawa. In wuyan hannu ya fara zafi ka huta, nauyin wasan duka a kansa yake yanzu.

Abin da za ka rasa shi ne yankan gwaninta da ake yi da analog na biyu, sai ka dogara da fasin da iya tsayuwa a fili. Akwai fad na musamman da Sony ta fitar a Disambar 2023, Access controller, wanda ake ajiyewa a kan tebur a jera maɓallansa yadda ake so, amma da PS5 yake aiki, ba zai yi a na'urarka ba. Ka gwada wannan tsari a Kick Off da kwamfuta a mataki mai sauƙi kafin ka kira ƙannen naka.