Ina son wasan ban tsoro, amma gabana faɗuwa yake yi

Tambaya: Malam, na sayi Resident Evil 2 na kwamfuta, amma tun da wani ƙato mai malafa ya fara bi na na kashe wasan, ban sake buɗewa ba. Ni mai saurin firgita ne, ga shi ina son ganin ƙarshensa. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ƙaton shi ake kira Mr. X. A sabon fitowar wasan ta 2019, kamfanin Capcom ya ɗora yawancin tsoronsa a kan kunnenka. Lura da kyau: sau nawa ka gan shi ido da ido? Kaɗan ne. Takun takalminsa kake ji, dim, dim, a saman bene ko bayan bango, ba ka san ta wace ƙofa zai ɓullo ba. Wannan jiran shi ke tsinka zuciya, domin abin da kake ƙiyastawa ya fi abin da ke kan allo muni. Ga harsashi ƙalilan, ga fitilar hannu da ba ta haska kusurwa.

Maganinsa shi ne ka san ƙa'idojin da yake bi. Ba ya mutuwa a wannan matakin. In ka yi ta harbinsa a ka, durƙusawa kawai zai yi na ɗan lokaci ya miƙe, kai kuma ka yi asarar harsashi. Ƙarar bindiga na jawo shi, haka ma gudu. Tafiya yake yi, don haka ka fi shi sauri. Kuma ba ya shiga ƙananan ɗakunan ajiya masu akwati da keken rubutun da ake ajiye ci gaban wasa da shi. Sai dai a kula, babban zauren ofishin 'yan sandan da kake yawo a ciki yana da keken rubutu, amma Mr. X yana shigarsa. Nan sababbin shiga ke shan mamaki.

Ga abin da nake so ka gwada. Ajiye wasanka, fita, ka tsaya cak har ya iso ya naushe ka, ko da zai kashe ka. Za ka ga iyakar hukuncin ke nan: komawa inda ka ajiye. Daga ranar da na yi haka, takun nan ya zama mini labari, ina jinsa ina gane nesa yake ko kusa.

Zaɓi matakin sauƙi mai suna Assisted, wanda ke taimaka wa saiti, lafiyarka kuma ta riƙa farfaɗowa kaɗan da kanta. Ba abin kunya ba ne. Kunna fitilar ɗaki, ƙara hasken allo, cire abin kunne ka saurara ta lasifika. Ka rage sauti amma kada ka kashe shi ɗungurungum, don in ba ka jin takunsa, sai dai kawai ka gan shi a kanka, firgitar ta fi tsanani.

Minti 20 zuwa 30 sun isa zama ɗaya, ka tsaya a ɗakin ajiya. In bugun zuciyar bai lafa ba bayan ka tashi, ko barci ya gagara, bar wasan da dare, ka mayar da shi na rana.